Kurakuran da ke kashe man suya kafin lokacinsa

Shekarata goma sha ɗaya ina suya a Jos, ƙosai da dankali da safe, cincin da nama idan an kawo aikin biki. Yaran da suka koyi aiki a hannuna, da matan da ke zuwa tambaya, kusan duk tambayarsu ɗaya ce: "Yaya, sau nawa ake maimaita mai?" Na gaji da ganin ana ƙirga suya da yatsu alhali man da ke kaskon ya riga ya mutu tun a ta biyu.

Bari in fara da kuskuren da ya taɓa cinye mini jari, wato zuba sabon mai a kan mataccen mai da sunan farfaɗo da shi. Wata shekara aka ba ni aikin cincin na suna, fulawa mudu biyar. Ina da ragowar mai kamar lita uku da na yi mako ina soya ƙosai da shi, ya yi duhu, yana ɗan kumfa. Na ga asara ce in zubar, sai na sayo sabo lita biyu na juye a kai. Launi ya washe, raina ya kwanta. Cincin ya fito da kyau, na ɗanɗana da zafinsa ban ji komai ba, na zuba a bokitai na aika. Kwana uku tsakani, ana gobe suna, uwar mai jego ta kira ni. Ta ce, "'Yar nan, zo ki ji abin da kika kawo mana." Ina buɗe murfin bokiti wani wari ya bugi hancina, irin na tsohuwar gyaɗa da ta daɗe a buhu. Na sa ɗaya a baki, maƙaƙi ya kama mini maƙogwaro. Na sake sayen fulawa da sukari da bota da mai daga aljihuna, na kwana a bakin murhu. Kunyar da na ji a tsakar gidan nan ta fi kuɗin zafi.

Abin da ya faru shi ne, mai idan ya fara lalacewa, lalatar da ke cikinsa ita ke hanzarta lalata sabon da aka ƙara. Cincin kuma yana shan mai, yana zama kwanaki, don haka man ya ci gaba da ɓaci a jikinsa cikin bokiti. Ƙosai ana cinye shi da zafi, shi ya sa yake rufa wa mai asiri. Ban hana ƙari ba. Idan man yana da lafiya, an tace shi, ya dai ragu ne, ki cike shi da sabo, haka nake yi kullum. Amma wanda ya riga ya nuna alama, ko jarka guda kika juye masa ba zai dawo ba. Kuma duk abin da za a ajiye, cincin ne ko dublan ko soyayyen naman Sallah, sabon mai nake buɗe masa, ba na ciniki a kan wannan.

To sau nawa? Ya danganta da abin da ya shiga kaskon. A hannuna, man dankali ko doya, da ba sa zubar da gari, yana kai suya shida, wani lokaci bakwai. Ƙosai da awara huɗu zuwa biyar. Duk abin da aka turbuɗa a fulawa ko aka tsoma a ƙwai, da kaza mai kayan ƙamshi, uku na tsaya. Kifi biyu, kuma mansa na kifi ne har ya ƙare, don ƙarni ba ya fita da tata. Ina tafiyar da mai ne daga mai tsabta zuwa mai datti: ya fara da cincin, ya koma dankali, ya yi ƙosai, ya ƙare a nama. Ba ya komawa baya.

Wannan lissafin nawa ne, kuma ido da hanci sun fi shi gaskiya. Alamar da na fi yarda da ita ita ce hayaƙi. Suya tana yin kyau a zafin digiri 170 zuwa 180, kuma sabon tataccen mai na kanti ba ya hayaƙi a nan, sai ya haura 200 sosai. Kowace suya tana rage masa wannan juriyar. Ranar da kika ga yana tashin hayaƙi mai yaji a ido tun ƙullin gwaji bai taso sama ba, ya gama aiki. Sai kumfa. Tafasar da mai ke yi idan an saka abinci ruwan jikin abincin ne ke fita, tana kwantawa da kanta. Ta mataccen mai ƙanana ce, tana taruwa a sama kamar ta sabulu, tana hawa bakin kasko, ba ta fashewa. Idan ya huce ki ɗiba da cokali ki tsiyaya: mai lafiya yana zuba sumul, matacce yana jan jiki, yana barin danƙo a yatsa da gefen kasko. Ƙosai kuma ya yi baƙi a waje cikinsa ɗanye, ya sha mai ya yi nauyi. Biyu daga cikin waɗannan sun ishe ni.

Abu ɗaya da ke ruɗa baƙi a garin nan: a sanyin Disamba da Janairu mai kan yi barci a jarka, ya yi fari-fari ko gudaji. Ba lalacewa ba ce. Ki sa jarkar a ruwan ɗumi zai sake.

Kuskure na biyu da ke ɓata mini rai shi ne kwana da mai a kasko. Haba jama'a! An gama suya, an janye itace, an ɗora faifai a kai an tafi. Burbushin da ya kwanta a ƙasa gobe zai sake ƙonewa, shi ne ɗacin da baƙin da kuke ɗora wa mai sayar da mai laifinsu. Iska da haske su ma suna cinsa duk daren. Wasu kuma garin gudun wannan sai su ɗura shi da zafi a jarkar roba su toshe. Roba ta lanƙwashe, tururi ya koma ruwa a ƙarƙashin murfi ya ɗiga ciki, ruwa kuwa yana lalata mai, gobe kuma ya yi ta fantsama.

Ga yadda nake yi. Tun ana suya, bayan kowane kwashi, ina bi da ƙaramar rariyar ƙarfe in tsame burbushin da ke yawo. Idan na sauke, ina barinsa ya huce har in iya dafa gefen kasko da tafin hannu, amma da sauran ɗumi, don mai sanyi ba ya bin ƙyalle, musamman a nan. In ɗora rariya a kan busasshiyar tukunya, in shimfiɗa farin ƙyallen auduga ninki biyu, in tsiyaya a hankali. Ba na matse ƙyallen, matsa tana tura ƙananan baƙin ciki. Kashi na ƙarshe mai laka a gindin kasko, kamar rabin kofi, ba na kwaɗayinsa. Idan ya huce sarai sai kwalba busasshiya mai murfi, a ajiye a lungu mai duhu nesa da murhu, in manna takarda in rubuta abin da aka soya da ko suya ta nawa ce. Ko bai cika adadinsa ba, idan ya yi wata guda a ajiye ba na ƙara soya abin sayarwa da shi.

Sauran ƙanana ne. Kada a barbaɗa gishiri a saman kasko, a bari sai an kwashe. Dankalin da aka jiƙa a tsane shi da ƙyalle kafin ya shiga mai. Kada a bar mai a kan wuta babu komai a ciki ana hira, a rage wutar ko a sauke. Wanda ya mutu kuma kada a tuttula shi a magudanar wanke-wanke, yana daskarewa ya toshe bututu. Ni a tsohon gwangwani nake tara nawa, ina ɗiga kaɗan a tsumma in hura gawayi da asuba.