Yadda na gyara wa ƙanena lissafin rabawa

Daren jiya ƙanena da ke aji shida na firamare a nan Maradi ya kawo mini allonsa, yana cewa: «Yaya, malam ya ce ban samu ba.» An ba shi 824 a raba gida 4, shi kuwa ya rubuta 26.

Da na dubi aikin, sai na ga ba ya kuskure wajen ninkawa ko ɗebewa. Bai dai san dalilin da kowace lamba ke zama inda take ba, haddace matakan kawai ya yi.

Sai na ɗauko ashana. Ɗauri babba ɗari ne, ƙarami goma, tsinke kuma ɗaya. Muka raba manya 8 ga mutum 4, kowa ya samu 2. Na ce masa wannan 2 ɗin ɗari biyu ne, shi ya sa yake zama a gurbin ɗari. Ƙananan ɗauri 2 ba za su ishi mutum 4 ba, kowa bai samu ko guda ba. A nan ya yi ta tsallakewa. Dole a rubuta 0 ya riƙe gurbin goma, in ba haka ba ɗari biyun nan za su gangaro su koma ashirin. Muka kwance ƙananan biyu suka zama tsinke 20, muka haɗa da 4, 24 ke nan, kowa ya samu 6. Amsa 206.

Na kuma sa shi ya ninka tsohuwar amsarsa da 4. Ya samu 104, ya dubi 824, ya yi dariya. Yanzu duk lambar da ya sauko da ita sai ya rubuta mata tata a amsa, ko da sifili ne.