Kurakuran da aka fi yi wajen mayar da PHQ-9 zuwa Hausa

PHQ-9 tambayoyi tara ne da ake tantance ciwon damuwa da su. Ana tambayar mutum halin da ya shiga cikin mako biyu da suka wuce, kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Wanda ya kai 10 akan tura shi a ƙara duba shi. Ke nan kalma ɗaya tana iya sauya sakamako.

Babban kuskure shi ne a sakankance da zarar fassarar komawa ta yi daidai. Wani ya fassara zuwa Hausa, wani ya mayar Turanci, aka ga sun yi kama, sai a ce aiki ya kammala. To amma idan mai mayarwar ya taɓa ganin asalin takardar, abin da ya tuna zai rubuta. A ba wanda bai san ta ba, sannan kwamiti mai likitan ƙwaƙwalwa da masanin harshe ya zauna kan duk inda aka sami saɓani.

Dubi tambaya ta biyu, wadda ke neman ƙuncin rai da yanke ƙauna. Idan aka sa "kasala", an ci karo da tambaya ta huɗu, wadda ita ce ta gajiya. Mai jego da ke fama da ƙarancin jini za ta ce kusan kullum a duka biyun, maki 6 ke nan. Ƙara 2 na barci da 2 na cin abinci, ta kai 10, alhali da an tambaye ta ƙuncin rai za ta ce babu, makinta ya tsaya a 7. Ba a gano irin wannan sai an zauna da mutane, aƙalla goma, maza da mata, har da waɗanda ba su yi boko ba. A karanta tambayar, a ce: "Baba, me ka fahimta da wannan?"

Tambaya ta bakwai tana misali da karanta jarida da kallon talabijin. A ƙauye sauraron rediyo ya fi dacewa. Ta tara kuwa, wadda ke tambaya kan tunanin gara mutuwa ko cutar da kai, wasu kan cire ta don nauyin baki. Wannan ganganci ne. A tausasa lafazi, a tanadi inda za a kai wanda ya amsa da e tun kafin a fara.

Makin 10 ma daga gwajin da aka yi a Amurka aka samo shi, wanda aka wallafa a 2001. Kada a ɗauko shi haka nan. Likitan da bai ga makin ba ya yi wa mutanen cikakkiyar ganawa, a kwatanta, a ga masu ciwo nawa takardar ta kama da lafiyayyu nawa ta haɗa da su, sannan a tsayar da makin fassarar Hausa.