Yadda na gyara lissafin gudun mako

Sati uku gaban ƙwaurina na zafi duk asubar da na fita gudu a Sakkwato. Na zargi takalmi, na zargi kwalta, ashe lissafina ne ya karkace: dogon gudun Asabar kaɗai nake dubawa.

Da na tattara na mako duka, Litinin kilomita 3, Laraba 3, Asabar 4, sai ya kama 10. Mako na gaba na yi 15, ƙarin kashi 50 cikin ɗari ke nan!

Na huta har zafin ya lafa, na koma 10. Yanzu jimillar makon jiya nake ninkawa da `1.1`, wato ƙarin kashi 10 cikin ɗari: 11, sannan 12.1. Mako na huɗu in sauko 9, ƙafa ta sarara. Kashi 10 ɗin ma'auni ne kawai, in zafi ya dawo ba na ƙarawa.

Alhamdulillahi, ƙwauri ya yi shiru.