Yadda ɗan kasuwa Musulmi zai kauce wa giya a liyafar masu masana'anta a Guangzhou

Duk wanda ya fara saro kaya masu yawa daga ƙasar Sin, ko yadi ne na Kantin Kwari ko kayan waya na Farm Centre, wata rana mai masana'anta zai gayyace shi cin abincin dare, musamman a lokacin baje kolin Canton da ake buɗewa a birnin Guangzhou a watannin Afrilu da Oktoba. A irin wannan zama ana kawo wata giya da suke kira baijiyu, wadda a ido ba ta da bambanci da ruwa, amma sinadarin maye da ke cikinta yakan kai kashi 52 ko 53 cikin ɗari. Ana zuba ta a ƙananan kofuna, mai gida ya miƙe ya ce "ganbei", wato a shanye duka. A wurinsu wannan girmama baƙo ne, shi ya sa ƙin sha ba tare da shiri ba yakan zama kamar an kunyata mai gida a gaban yaransa.

Mataki na farko, kuma wanda ya fi kowane nauyi, shi ne ka faɗi matsayinka tun ranar da aka gayyace ka, ba sai an cika maka kofi ba. Mutumin da ya riga ya sayi kwalba mai tsada dominka zai ji ciwon ƙin da ka yi, amma wanda ya sani tun kafin ya kama wurin cin abinci ba abin da ya rasa. Ka tura wa wakilinka ko tafintanka saƙo a manhajar WeChat da Sinawa suke amfani da ita domin ya isar, kuma ka ajiye wannan jimla a wayarka:

```
我是穆斯林，不喝酒，不吃猪肉。
```

Ma'anarta ita ce: ni Musulmi ne, ba na shan giya, ba na cin naman alade. Dole ne ka ambaci giyar da sunanta, domin yawancin Sinawa sun san Musulmi ba ya cin alade, amma da dama ba su ɗauki giya a wannan matsayi ba, wasu ma suna ganin biya ba ta cikin lissafi.

Kada ka fake da rashin lafiya. Wanda ya ce yana shan magani ko gyambon ciki na damunsa ya tsira a daren nan kawai, domin idan ya dawo bayan wata shida za a tambaye shi ko ya samu sauƙi, kuma kofin na nan yana jiransa. Ga shi kuma ya yi ƙarya a banza. Dalilin addini ba ya warkewa, saboda haka sau ɗaya ake faɗinsa.

Mataki na biyu shi ne ka yi ƙoƙarin sauya wurin zaman gaba ɗaya, kuma a nan ne maganar shari'a ta shigo. Akwai hadisin da Tirmizi da Ahmad suka ruwaito, wanda ya hana mai imani da Allah da ranar lahira zama a kan teburin da ake zagayawa da giya, don haka rashin sha kaɗai bai gama warware matsalar ba. Mafita mafi tsabta ita ce ka nemi a haɗu a ofishin masana'anta, inda galibi akwai teburin shayi da ake zama a kansa ana ciniki, ko a ci abincin rana maimakon na dare, ko kuma ka ce kai za ka zaɓi wuri saboda abincinka. A unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka fi sauka, gidajen abinci masu alamar 清真, wato halal, suna da yawa. Sai dai ka leƙa tukuna, domin wasu masu wannan alama suna sayar da biya ko su bar baƙi su shigo da tasu. Idan kana ganin akwai zaman da ba za ka iya kauce masa ba, ka kai wa malaminka tambayar tun kana gida, da cikakken bayanin yadda abin yake, maimakon ka yanke wa kanka fatawa a bakin ƙofar gidan abinci.

A ɗauka mai yadi ya yi duk wannan, amma da ya isa sai ya tarar an ajiye kwalba a tsakiyar tebur. Abin da zai yi da zarar ya zauna shi ne ya miƙa wa ma'aikacin wurin ƙaramin kofin giyar da ke gabansa a ɗauke shi, ya sa a cika masa kofin shayi, domin kofin da ba kowa a ciki gayyata ne ga mai zubawa. Sinawa suna da wata magana tasu, "yi ca dai jiyu", wato shayi a madadin giya, wadda mai tuƙi da mara lafiya suke amfani da ita, kuma kowa ya san ta. Mai yadin zai riga kowa miƙewa, ya gode wa mai gida a gaban mutanensa, ya yabi ingancin kayan da kuma cika alƙawari, ya ce da shayi yake miƙa godiyarsa. Abin da mai gida yake nema shi ne a daraja shi a bainar jama'a, kuma ya samu. A al'adarsu akan zuba wa babba abin sha domin girmamawa, to shi sai ya tsaya a kan butar shayi, kada hannunsa ya taɓa kwalbar, domin hadisin da ya la'anci mutum goma a kan giya ya haɗa da mai shayarwa da mai ɗaukarta da mai sayenta. Wannan ne ma dalilin da ya sa ba zai karɓi biyan kuɗin teburin da aka sha giya a kansa ba, sai dai ya rama gayyata a wurin da ya zaɓa.

Matsin lamba yakan zo ne bayan an yi zagaye biyu ko uku, kuma kusan kalamai iri ɗaya ne. Wani zai ce kurɓi ɗaya kawai, wani ya ce ba ka ba shi girmansa ba, wani kuma ya ce akwai ɗan ƙasarku da ya zo bara ya sha. Amsar ta zama gajeriya, da fara'a, kuma kada ta canza: addinina ya hana ni ko ɗigo ɗaya. Kada ka shiga wa'azi, kada ka tsaya kare ko sukar wancan da aka ce ya sha, domin kowane sabon dalili da ka kawo ƙofa ce ta sabuwar gardama. Haka nan kada ka kai kofin baki don a zaci ka sha, saboda wanda ya ga haka zai cika maka shi kuma. Idan tafintanka ya yi tayin sha a madadinka, kamar yadda suka saba yi wa manyansu, ka ce masa ba ka buƙata.

Abinci ma yana son lura, domin a girkinsu ana yawan zuba giyar girki ta Shaoxing a nama da kifi, akwai kuma kaza da jatan lande da ake jiƙawa a cikin giya. Ka sa tafinta ya tambaya tun lokacin da ake zaɓen abinci.

Ka shirya fitarka tun kafin ka shiga. Ka sanar tun farko cewa ƙarfe tara za ka tashi, ka tanadi motar da za ta mayar da kai masauki da kanka, kuma kada ka bi su zuwa gidan waƙa na KTV da akan wuce bayan abinci, inda shan ya fi tsananta. Idan muryoyi suka fara tashi, ana maimaita maka tayin da ka riga ka amsa, ko ka ga kofin shayinka ya canza ƙamshi, to lokacin tashi ya yi ko da tara ba ta cika ba. Maganar farashi da ranar lodin kwantena kuwa ka bar ta sai washegari a ofis, a rubuce, domin alƙawarin da mai masana'anta ya yi bayan kofi na shida ba lallai ne ya tuna da shi da safe ba.