Takardar tara a gilashin mota a Ingila: yadda ake rubuta wasiƙar ƙin amincewa

Ɗan'uwa da ka baro Kaduna kwanan nan, a gida idan ɗan KASTLEA ya tsayar da kai a Kawo, akwai wanda za ka yi wa bayani ido da ido. A Ingila jami'in da ya manna maka takardar tara ba shi da ikon soke ta, ko da ka bi shi kana ba shi haƙuri. Hukumar ƙaramar hukuma ce ke sokewa, ita kuma rubutu take dubawa.

Fara da karanta kan takardar. Idan an rubuta Penalty Charge Notice, ta hukuma ce, ita nake magana a kai. Parking Charge Notice kuwa ta kamfani ce mai zaman kansa, hanyarta daban. In kana da hujja kada ka yi gaggawar biya, domin galibi da ka biya an rufe maganar. Ka aika wasiƙarka cikin kwana 14 na farko, lokacin da rabin kuɗi ake nema. Yawancin hukumomi ko sun ƙi, sukan sake ba ka damar biyan rabin.

A ce an ci ka tarar fam 50 da ƙarfe 2:40, wai lokacinka ya ƙare, alhali ka biya ta waya har zuwa 3:10. A saman wasiƙar ka sa lambar takardar, lambar motarka, sunanka da adireshinka. Sai dalili ɗaya a fili: laifin bai auku ba, na biya kuɗin wurin daga 1:10 zuwa 3:10, ga rasit na haɗa, ina neman a soke tarar. Shi ke nan. Mu mun saba buɗe magana da gaisuwa da labarin halin da ake ciki, amma "ni baƙo ne, ban san doka ba" ba ya cikin dalilan da doka ta tilasta musu karɓa.

Kafin ka haɗa rasit ɗin, duba shi da kyau, don nan ake faɗuwa. Lambar motar da ka shigar ta yi daidai harafi da harafi? Lambar wurin ajiyar fa, ba ta titin baya ba ce? In akwai kuskure, faɗe shi da kanka ka nemi sassauci, amma ka sani wannan sai sun ga dama. Kwafi za ka aika, ka riƙe na asali, ka kuma karɓi shaidar aikawa a gidan waya, kyauta ce.

Idan sun ƙi kuma ba ka biya ba, za a aiko wa mai motar takardar sanarwa mai suna Notice to Owner, a adireshin da ke rajistar DVLA, hukumar rajistar motoci, don haka in ka sauya gida ka gyara shi. Kana da kwana 28 ka sake rubutawa, su kuma kwana 56 su amsa. In sun sake ƙi, sai ɗaukaka ƙara cikin kwana 28 zuwa kotun sauraron ƙorafin tara, wato Traffic Penalty Tribunal, ko London Tribunals idan a Landan aka ci ka tarar, ba a biyan ko kwabo, sai dai in ka faɗi a can cikakkiyar tarar za ka biya.