Babi na 7: Maganin Tsinka Jini, Tsohon da Sababbin

Darasi na 1: Yadda suke aiki

Iyayena da 'yan'uwa, ku ɗauko kwalin maganinku ku ajiye a gabanku. Ku dubi sunan. In an rubuta Warfarin, tsohon ne. In an rubuta Rivaroxaban, Apixaban ko Dabigatran, sabon ne.

Hanta ce ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare, kuma sai da bitamin K take iya haɗa huɗu daga cikinsu. Warfarin yana hana hanta amfani da wannan bitamin. Amma sinadaran da suka riga suka shiga jini sai sun ƙare tukuna, shi ya sa yake ɗaukar kamar kwana 5 kafin ya kama sosai. Sababbin ba ruwansu da bitamin K. Kowannensu sinadari guda yake riƙewa kai tsaye a cikin jini, cikin awa 2 zuwa 4 ya kama. Da wuri yake kamawa, da wuri kuma yake saki: in ka tsallake yini guda, kusan ba ka da kariya.

Darasi na 2: Karanta lambar INR

Mai shan Warfarin dole ya riƙa awon jini mai suna INR. Wanda ba ya shan magani, lambarsa kusan 1 ce. Ga yawancin masu sha, ana son ta zauna tsakanin 2 da 3. Wanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, sau da yawa likita kan ce 2.5 zuwa 3.5. In ta yi ƙasa, jini na iya gudaji. In ta yi sama, jini na iya zuba.

To, ga inda ake faɗuwa. A nan Sudan wata takardar da lambobin Larabci ake rubuta ta. Biyar ɗin Larabci (٥) zagaye ce kamar sifirin boko, shi kuwa sifirin Larabci ɗigo ne kawai. Saboda haka ٢٫٥ biyu da rabi ne, ba biyu cif ba, ba kuma ashirin da biyar ba. Ɗora yatsa a kan lambar farko daga hagu, faɗe ta. Nemi 'yar alamar tsakiya, ka ce "ɗigo". Sannan faɗi ta ƙarshe. Biyu, ɗigo, biyar. Sake. Biyu, ɗigo, biyar. Madalla, ba wuya. Yanzu dubi kwalin: in ka ga ٥ a jikinsa, miligiram biyar ne. Ka rubuta a littafinka kwanan wata, lambar INR, da miligiram nawa aka ce ka sha. Miligiram, ba "ƙwaya ɗaya" ba, domin akwai ƙwayar miligiram 1, akwai ta 3, akwai ta 5. Kada ka dogara da launi, yana iya bambanta daga wani kamfani zuwa wani.

Sake karanta lambarka da ƙarfi. Haba jama'a, babban mutum ya miƙa wa jika takarda ya ce "duba mini", ranar da jikan ba ya nan fa? Yatsa a kan lamba, ɗigo, lamba.

Darasi na 3: Abinci da sauran magunguna

Mulukiya, wato lalo, da jirjir da alayyafo cike suke da bitamin K. Ba a ce ka daina ci ba. A ci yadda aka saba. Cin mulukiya kullum a wannan mako, mako mai zuwa ko ɗanɗanawa babu, shi ke sa lamba hawa da sauka.

Misali, a ɗauka wata baiwar Allah a Wad Madani tana shan miligiram 5 kullum, lambarta 2.8. Gudawa ta kama ta, ta sayi Flagyl a kantin magani ba ta faɗi cewa tana kan Warfarin ba. Flagyl yana hana hanta narkar da Warfarin, sai ya taru, ga shi kuma ba ta cin ganye saboda ciwon. Kafin mako ya zagayo lambar na iya kaiwa 6. Alamar ita ce jini a dasashi wajen asuwaki, haɓo, fitsari ja, ko baƙin bayan gida kamar kwalta. Asibiti a ranar. Septrin ma haka yake yi. Rifampicin na tarin fuka kuwa rage ƙarfin maganin yake, tsohon da sababbin duka. Aspirin, Ibuprofen da Diclofenac suna ƙara zubar jini ko wanne kake sha.

Darasi na 4: Sababbin

Ba a awon INR, amma ana awon ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara. Ganye ba ya taɓa su. Rivaroxaban na miligiram 15 ko 20 da abinci ake sha, in ba haka ba ba ya shiga jiki sosai. Mai azumi ya tambayi likita a mayar masa da shi lokacin buɗa-baki. Dabigatran ba a fasa kwansonsa.

Darasi na 5: Wanda bai kamata ya canza ba, da sauran gargaɗi

Mai bawul na ƙarfe ya zauna kan Warfarin. Mai ciki ta ga likita da wuri. Wanda ya manta shan Warfarin jiya kada ya ninka yau.