Kafin ka haɗa bututun musayar zafi, duba inda ruwa ya dosa

Masu walda na Katsina, a bututun da ruwan zafi ke ɗumama na sanyi ba tare da sun gauraya ba, ku sa su riƙa gudu kishiyar juna.

Idan sun dosa gefe ɗaya, a bakin shiga kawai zafi ke ƙetarawa sosai.
A ce na zafi digiri 90 ne, na sanyi 30, yawan gudunsu ɗaya.
Ko ka ƙara tsawon bututu, duka biyun 60 za su nufa, ruwan sanyi ba zai wuce na zafi a mafita ba. Zafi ba ya komawa daga mai sanyi zuwa mai zafi.

A kishiya kuwa, na sanyi yana fita ta inda na 90 ke shigowa, sai ya iya kai 75.

Amma in ɗayan tururi ne da ke komawa ruwa, juya bututun ba ya ƙara komai.